Kujerar Bakin Ƙofa: Yadda Za Ka Rubuta Wa Malaminka

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Katsina, ina shekara ta biyu a wata jami'a a nan Madina. Sau uku ke nan a ɗakin jarrabawa gabana na faɗuwa, numfashina na sarƙewa, hannuna na rawa, har in ji kamar raina zai fita. Na ƙarshen ma takardar rabi babu rubutu na miƙa na fice. Likita ya auna zuciyata ya ce lafiyarta lau, ciwon firgici ne. Saura mako biyar jarrabawar tsakiyar zango. Ina so in rubuta wa Daktan da ke koyar da mu ya ƙara mini lokaci, ko ya zaunar da ni inda ba hayaniya, amma ina tsoron ya ɗauke ni rago ko mai taɓin hankali. Me zan rubuta?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya ƙara sauƙi. Rubuta, kuma cikin makon nan. Sai dai ka sauya jerin roƙon: kujera a farko, izinin fita a biyu, ƙarin lokaci a ƙarshe, in ma za ka ambace shi.

Na daɗe ina zama a ofishin ba ɗalibai shawara a wata kwaleji a Jidda, kuma ni kaina ina shiga aji. Wasiƙu irin wannan na gan su daga ɓangaren wanda ake rubuta wa. Wadda ake amsawa nan take ita ce wadda ta nemi abu ƙarami, sananne, wanda ke cikin ikon mai karanta ta. Wadda ke kwana a aljihun tebur ita ce mai shafi biyu na ban tausayi da ta ƙare da "a taimaka mini". Malami ya karanta ya ji tausayi, amma bai san me zai yi ba. To, kai za ka gaya masa abin da zai yi.

Fara da sanin abin da ke hannun Dakta da abin da ba ya hannunsa. A jami'o'in ƙasar nan maki kashi biyu ne: akwai ayyukan zango, wato jarrabawar tsakiya da ƙananan gwaje-gwaje da aikin gida, akwai kuma jarrabawar ƙarshe. Na farkon yawanci malamin darasi ke da wuƙa da nama a kansa. Shi zai ce zauna can, shi zai ce fita ka dawo, ba sai ya tambayi kowa ba. Ta ƙarshe kuwa kwamitin jarrabawa na kwaleji ke tsara ta, da ɗakuna da lambobin kujeru da masu sa ido waɗanda wataƙila ba su taɓa ganinka ba. Can ko Dakta yana ƙaunarka ba zai ƙara maka minti ɗaya shi kaɗai ba, sai an bi ta wakilin kwaleji mai kula da harkar karatu. Ke nan wasiƙa biyu ke gabanka. Ta yanzu ta Dakta ce, kan jarrabawar tsakiya. Ta biyu ta ofishin wakili ce, ka kai ta tun da sauran wata guda aƙalla kafin ta ƙarshe. Idan ta farko ta yi aiki, ita za ta zame maka hujja a ta biyu: "An gwada mini haka a darasi kaza, na kammala takardata."

Yanzu dalilin da ya sa na tura ƙarin lokaci baya. Ka duba yadda abin ke zuwa maka. Yana tasowa ba sallama, ya kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kamar minti goma, kuma yawanci tsakanin minti 5 zuwa 20 ya lafa. Bayan ya lafa akwai kasala da rawar jiki da ke ɗan biyo baya. Ba ka da matsalar saurin karatu ko saurin rubutu. Kana da wani gutsure na lokaci da ake fizge maka a tsakiyar jarrabawa. Idan aka ƙara maka rabin awa a ƙarshe amma aka bar ka a tsakiyar layi, mutum dama, mutum hagu, ƙofa na can nesa, ba a taɓa tushen abin ba, an dai tsawaita maka zama a inda kake jin an kulle ka. Abin da ya dace da irin ciwonka shi ne a tsayar maka da agogo: ka kife takarda, ka fita baranda tare da mai sa ido, ka dawo, a mayar maka da mintocin da ka yi a waje. Wannan ya fi sauƙin amincewa ma, domin ba ka samu ko daƙiƙa ɗaya ta rubutu fiye da abokanka ba, babu wanda zai ce an yi maka alfarma. A wasu ƙasashe, kamar Birtaniya, ƙarin kashi 25 cikin ɗari na lokaci shi ne aka saba bayarwa, wato rabin awa a jarrabawar awa biyu, amma ko a can hutun da ake tsayar da agogo abu ne daban da ake nema da sunansa. Kai ma ka kira shi da sunansa, ka sa masa adadi: sau ɗaya, kada ya wuce minti 15.

Akwai wata doka da ya kamata ka sani, domin ita ke sa mai sa ido ya hana ka fita kai kuma ka zaci mugunta ce. A tsarin da jami'o'in Saudiyya suka daɗe a kansa, ba a barin ɗalibi ya fita daga jarrabawar ƙarshe kafin rabin awa da farawa, ba a kuma barin mai latti ya shiga bayan rabin awa. An yi ta ne don kada tambayoyi su fita. Sai dai kash, a wannan rabin awar ta farko firgicin na iya kama mutum, lokacin da aka raba takarda ɗaki ya yi tsit. Shi ya sa kalmar "tare da mai sa ido" ba ado ba ce a wasiƙarka. Ita ke nuna ka fahimci abin da suke tsoro, kuma ka kawo musu maganinsa da kanka.

Sai batun kujera. "Inda ba hayaniya" ba roƙo ba ne da za a iya aiwatarwa, don ɗakin jarrabawa dama shiru yake. Zauna ka tuna sau ukun nan, me ya fi takura ka? Idan jin cewa ba hanyar fita ne, to kujerar ƙarshen layi kusa da ƙofa kake so. Idan jin idanun mutane a bayanka ne, to layin baya, bango a bayanka. Idan ƙarar jan kujeru da tashin waɗanda suka gama da wuri ne, to bakin ƙofa zai fi cutar da kai, gara kusurwa mai nisa da ita. Ɗaki daban kai kaɗai shi ne mafi wuyar samu, domin yana cin mai sa ido guda sukutum, kuma ban cika son sa ba ko da zai samu. Zan dawo kan wannan.

Bari in ba ka misalin wani yaro, ɗan Damagaram, da ya zo mini shekarun baya. Ya riga ya rubuta tasa wasiƙar kafin ya same ni, da Larabci mai kyau ƙwarai, har da baitoci. Ya ba da labarin rasuwar mahaifinsa, da yadda yake ciyar da ƙannensa daga ɗan kuɗin da ake ba ɗalibai duk wata, da yadda aka yi masa ruƙiyya sau biyu. A layin ƙarshe ya roƙi malamin ya "dube shi da idon rahama wajen maki". Malamin, dattijon kirki ne, ya karanta wannan layin a matsayin roƙon a ƙara masa maki, ya ɓata rai, bai amsa ba. Muka zauna da yaron muka yanke ta zuwa layi goma. Muka cire mahaifi, muka cire kuɗi, muka cire maki gaba ɗaya, muka sa takardar likita. Ya kai da hannunsa a lokacin da malamin ya ware na ganin ɗalibai a ofis. Ya ce mini dattijon ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Wannan ne kawai? Zauna inda kake so." A jarrabawar tsakiya abin ya taso masa wajen minti ashirin da farawa, ya fita minti tara, ya sha ruwa, ya dawo ya gama. A ta ƙarshe yana da izinin a aljihu, bai ma yi amfani da shi ba.

Ga irin abin da muka rubuta, na daidaita shi da halinka. Da Hausa na sa shi don ka ga ƙashin bayansa, kai ka mayar da shi Larabci:

"Mai girma Dakta wane, malamin darasi kaza, Allah ya kiyaye shi. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ni ne ɗalibinka wane, lamba kaza, rukuni kaza. Ina fama da ciwon firgici da likita ya tabbatar, kuma ina karɓar magani. Takardar likita na haɗe da wannan wasiƙa. Yakan taso mini a ɗakin jarrabawa, ya hana ni rubutu na kamar minti goma zuwa ashirin, sannan ya lafa in ci gaba. Ba ya cutar da kowa, kuma ba ya buƙatar a kira motar asibiti. Ina roƙon abu biyu a jarrabawar ranar kaza: a zaunar da ni a ƙarshen layi kusa da ƙofa, kuma idan ya taso a bar ni in fita sau ɗaya tare da mai sa ido, kada ya wuce minti 15, a mayar mini da mintocin a ƙarshe. Ba na neman sauƙi a tambayoyi ko a maki. Idan wannan ba ya hannunka, ina roƙon ka nuna mini ofishin da zan nufa. Ina fatan maganar ta tsaya tsakaninmu. Allah ya saka da alheri."

Ka lura da wasu jimloli a ciki. Wadda ta ce ba ya cutar da kowa kuma ba a buƙatar motar asibiti, ita ce amsar tsoron da ka ambata na a ɗauke ka mai taɓin hankali. Malamin fiƙihu ko nahawu bai karanci likitanci ba. Da ya ji "ciwo" yana hango ɗalibi ya zube a ƙasa yana shure-shure, shi kuma alhaki a wuyansa. Ka gaya masa iyakar abin da zai gani, hankalinsa ya kwanta. Amma kada ka rubuta wannan jimlar sai likitanka ya yarda da ita. Wadda ta ce ba ka neman sauƙi a maki kuwa, ita ce amsar tsoron a ce maka rago. Rago maki yake nema, kai kujera kake nema. Ta ƙarshen, ta neman a nuna maka ofishi, tana ba malamin hanyar da zai ce "ba ni da iko" ba tare da ya rufe maka ƙofa ba.

Wajen Larabcin, yi amfani da sunan da likitoci ke kiran ciwon da shi, naubatul hala'i, kamar yadda yake a takardarka. Kada ka rubuta "tsoro" ko "damuwa" kawai, domin kowane ɗalibi na jin tsoron jarrabawa, kuma amsar da za ka samu ita ce ka dage da karatu ka dogara ga Allah. Ka san yadda ake kiran malamin: wanda ake ce wa Fadilatush Shaikh daban, wanda ake ce wa Sa'adatud Duktur daban. Ban da wannan, ajiye balagarka. Na san ɗaliban Madina da son azanci a wasiƙa, amma nan ba wurinsa ba ne.

Abin da ba za ka sa ba: tarihin gidanku, sunan maganin da kake sha, maganar aljanu ko sammu ko kambun baka. Ban ce ka bar addu'a da azkar ba, ni kaina na ga yadda suke kwantar wa mutane hankali. Na ce dai kwamiti ba ya yanke hukunci a kansu, kuma da ka ambace su zancen ya tashi daga kujera ya koma nasiha.

Takardar likita ita ce ƙafar da wasiƙar ke tsaye a kai, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Sakamakon awon zuciya da ya ce lafiya lau ba hujja ba ce, hasali ma yana iya zama hujja a kanka: "To ai lafiyarka ƙalau." Koma wurin likitan, ko asibitin jami'a ya tura ka ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ka ce kana son rahoto don makaranta. Rahoton ya faɗi sunan ciwon, ya faɗi cewa ana kula da kai, ya kuma faɗi abin da likita ke ba da shawara a yi maka a jarrabawa, da kalmomin da suka yi daidai da na wasiƙarka. Ya kasance da hatimi da kwanan wata na kusa. Kwalejoji da yawa sun fi sakin jiki da takardar asibitin jami'a ko na gwamnati, wasu kuma sai asibitin jami'a ya sa hannu a kan ta waje, don haka tambayi malamin da aka naɗa ya zama mai ba ka shawara kan karatu kafin ka kashe kuɗinka a asibitin kuɗi. Ka riƙe ta asali, ka ba da kwafi. Idan samun rahoton zai ɗauki mako biyu, kada ka jira, kai wasiƙar ka ce takarda na tafe.

Tunda za ka koma wurin likita, tambaye shi ko an duba maƙoƙo da ƙarancin jini, domin yawan aikin ƙwayar maƙoƙo na kawo bugun zuciya da rawar hannu masu kama da wannan. Ka kuma gaya masa gaskiyar yawan gahawa da shayi da lemon ƙara kuzari da kake sha a makon jarrabawa, da awa nawa kake barci. Na sha ganin ɗalibi ya kwana ido biyu a kan littafi, ya kora gwangwani biyu da asuba, ciki ba komai, ya shiga ɗaki zuciyarsa dama tana gudu kafin a raba takarda. Idan an ɗora ka kan maganin da ake sha kullum, ka sani yakan ɗauki makonni kafin ya nuna aikinsa, kuma kwanakin farko wasu har ƙaruwa damuwar ke yi, to kada a fara shi ana jibi jarrabawa ba tare da likita ya san ranar ba. Ƙwayar kwantar da hankali ta aboki kuwa kada ka kusance ta. Tana sa barci da mantuwa, jiki na sabawa da ita, kuma a ƙasar nan riƙe irinta babu takardar likita babban laifi ne.

Na ce zan dawo kan ɗaki daban. Ciwon firgici yana ƙiba ne idan ana guje masa. Duk lokacin da ka fice ka ji sauƙi, ƙwaƙwalwa na rubuta cewa ficewar ce ta cece ka, gobe sai tsoron ɗakin ya ƙaru. Gaskiyar kuwa ko ka zauna abin zai lafa da kansa. Wannan jin jiri da tsikarin yatsu da leɓe, yawancinsa daga saurin numfashi ne, ba ƙarancin iska ba, kuma masu firgici ba su cika suma ba duk da suna jin kamar za su faɗi. Saboda haka kujerar bakin ƙofa gada ce, ba gida ba. Amfaninta ta tsare maka makinka yayin da ake yi maka magani na gaskiya, wato zama da ƙwararre da zai koya maka tsayawa cikin alamomin har jikinka ya gane ba kisa suke ba. Shi ya sa ka nemi izinin na zango ɗaya, a sake dubawa. Kuma ranar jarrabawa, idan ya taso, kafin ka ɗaga hannu ka gwada minti biyu a kujerarka: ajiye biro, tafin ƙafa a ƙasa, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, sake shi a hankali kana ƙirga shida. Idan ya ƙi, fita, haƙƙinka ne. Amma ka dawo. Dawowar ita ce rabin maganin.

Wani abu ɗaya da ba na so ka yi wasa da shi: idan wata rana ciwon ƙirjin ya zo da sabon salo, ya sauka hannu ko muƙamuƙi, ko ya zo kana hawan bene, ko ka suma da gaske, kada ka ce ai firgicina ne. A kira 997. Don shawarar lafiya ta yau da kullum kuma akwai layin Ma'aikatar Lafiya, 937.

Na san abin da ɗaliban waje ke tsoro ba su faɗa: kada maganar ta kai sama a janye tallafin karatu. Duba inda haɗarin yake a zahiri. Takardar da ka miƙa rabi babu rubutu tana jan matsakaicin makinka ƙasa, kuma faɗuwar matsakaici ita ke jawo takardar gargaɗi, gargaɗi a jere kuma shi ke kai ga sallama. Idan tsoron ya fara hana ka shiga aji, akwai hukuncin hana zama jarrabawa, wanda a yawancin jami'o'in nan yake hawa kan wanda fashinsa ya wuce kashi 25 cikin ɗari. Waɗannan biyun a rubuce suke, kuma shiru ke kai mutum gare su.

Yadda za ka kai ta: aika ta imel ɗin jami'a, ba ta wayar malamin ba, don ta zama da kwanan wata. Sannan ka buga kwafi ka same shi a ofis, ba a baranda ɗalibai na kewaye da shi ba, ba kuma bayan salla a masallaci ba. Gaishe shi, miƙa, yi shiru ya karanta. Idan ya amsa da baki, to da daddare ka aika masa layi biyu na godiya da suka maimaita abin da ya amince da shi, domin ranar jarrabawa wataƙila wani ne zai tsaya a ɗakin, ka buga wannan saƙon ka shiga da shi a takarda tunda waya ba ta shiga. Ka isa saura minti ashirin a fara, ka nuna wa mai sa ido tun ɗaki bai cika ba. Idan mako guda ya wuce ba amsa, tuna masa sau ɗaya. Idan ya ce a'a, kada ka yi jayayya, kada kuma ka kai ƙararsa. Ɗauki wasiƙar nan dai, sauya sunan da ke samanta, ka kai wa mai ba ka shawara kan karatu ya raka ka ofishin wakilin kwaleji, rahoton likita a hannunka. Daga yau zuwa ranar kana da mako biyar: ɗaya na Dakta, biyu na takarda, biyu na ko-ta-kwana.